Tuwon Mutum Ɗaya a Ƙasar Sanyi

A watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi a Lankasta, wani ƙaramin birni da ke arewa maso yammacin Ingila inda na yi zaman karatu. A irin wannan lokacin ne kwaɗayin tuwo yake taso wa mutum. Ka dawo daga makaranta cikin yayyafi, hannu ya ƙage, ɗaki shiru, babu ƙarar muciya a gindin tukunya, babu mai leƙowa ya ce an kwashe. Shagunan da ke sayar da kayan miyarmu sosai suna Manchesta, tafiyar kusan awa guda a jirgin ƙasa, kuma kuɗin jirgin kaɗai ya isa cefanen kwana biyu. Abin da ke kusa shi ne babban kantin unguwa, irin wanda kowa ke shiga ya ɗauki burodi da madara.

Tuwona na farko a can bai yi ba. Na sayi shinkafa mai dogon tsinke, irin wadda aka turara kafin a sussuka, domin ita ce mai araha. Na dafa ta kusan awa guda, na yi ta tuƙi har kafaɗa ta gaji, amma ƙwayoyin suka ƙi haɗuwa. Da na buga wa Umma waya na faɗa mata, ba ta tambaye ni sunan shinkafar ba. Cewa ta yi: "Ke 'yar nan, ɗebi kaɗan ki murza tsakanin yatsunki. Tana kama hannu?" Na ce a'a, warwatsewa take yi. Ta ce: "To ba ta tuwo ba ce, ta dafa-duka ce. Nemo mai danƙo."

Wannan tambaya ta Umma ita ce duk abin da na koya a shekarun da suka biyo baya. Wanda ya shiga kantin Turawa yana neman yakuwa da sunanta, ko daddawa, ko shinkafar tuwo, zai fito hannu rabbana. Wanda ya shiga yana tambayar kansa wane aiki yakuwa take yi a tukunya, zai samu abin da zai yi masa aikin. Shinkafar tuwo danƙo take bayarwa. Kabewa da gyaɗa kauri suke bayarwa. Yakuwa tsami, daddawa kuma wannan ɗanɗano mai zurfi da ke sa miya ta zauna a baki. Bari in bi tukunya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, tuwon shinkafa da miyar taushe, domin a ga yadda ake neman kowanne.

Shinkafar da ke kama hannu

Sitacin da ke cikin ƙwayar shinkafa iri biyu ne. Akwai wanda ke sa ƙwaya ta tsaya ita kaɗai bayan ta dahu, akwai wanda ke sa ta yi laushi ta manne da 'yar'uwarta. Dogayen shinkafu irin basmati suna da na farkon da yawa, shi ya sa suke yin warwar. Gajeru masu ƙiba kuwa na biyun ya fi rinjaye a cikinsu. Ita kuma wadda aka turara tun tana cikin ɓawonta, zafin ya riga ya ɗaure sitacinta, don haka ko an kwana ana dafa ta ba za ta tuƙu yadda ake so ba.

Shinkafar da ta fi dacewa ba ta ma zama a layin shinkafa a yawancin kantunan Birtaniya. Tana can wajen kayan kek da kayan zaƙi, a 'yar leda mai rabin kilo, ana kiranta shinkafar fudin, domin Turawa da madara da sukari suke dafa ta. Gajera ce, fara, kamar an yanke ta biyu. Idan ba a same ta ba, wadda Italiyawa ke yin risoto da ita ko wadda Japanawa ke yin sushi da ita duk suna yi, sai dai sun fi tsada.

Rabin wannan leda, wato giram 250, yana ba ni malmala uku masu kyau. Ina wanke ta sau ɗaya kawai, domin farin ruwan da ke fita sitaci ne, kuma shi nake nema. Sai in tafasa ruwa lita ɗaya a tukunya mai kaurin gindi, in zuba ta, in rage wuta sosai, in rufe. Tsakanin minti talatin zuwa talatin da biyar ta shanye ruwan ta yi luguf. A nan ake yin gwajin Umma: a murza ƙwaya ɗaya, idan akwai wani ɗan tauri a tsakiyarta a ƙara ruwan zafi rabin kofi a sake rufewa. Wanda ya fara tuƙi alhali tsakiyar ba ta nuna ba, zai ci tuwo mai tsakuwa-tsakuwa, kuma babu tuƙin da zai gyara shi daga baya.

Muciya ba ta samuwa, amma babban cokalin katako yana yi, musamman da yake tukunyar ƙarama ce. A riƙa danna shinkafar a jikin tukunya ana juyowa, kamar minti biyar, har ƙwayoyin su ɓace. Daga nan a yayyafa ruwa cokali biyu, a rufe, a bar shi ya turara minti goma a kan wuta mafi ƙanƙanta, a sake tuƙawa sau ɗaya. Idan ya yi ruwa, garin shinkafa cokali ɗaya ko biyu yana ɗaure shi, kuma ana samunsa a wannan layi na kayan kek. Ƙaramin kwano da aka jiƙa da ruwa yana maye gurbin mara.

Abu guda game da murhu: da yawa daga ɗakunan ɗalibai da gidajen haya na can murhun lantarki gare su, wanda ko an rage shi yana riƙe zafinsa na 'yan mintuna. Mai sabo da gas ko itace zai rage wuta ya juya baya, kafin ya waiwayo ƙauri ya tashi. Dabarar ita ce a kunna kai biyu, ɗaya da ƙarfi ɗaya a ƙasa, da zarar ruwa ya tafasa a mayar da tukunyar kan na ƙasan.

Ga mai son tuwon gari kuma, akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Abin da kantunan Birtaniya ke kira konfulawa, wanda ma'anar sunansa garin masara, ba garin tuwo ba ne. Zallar sitaci ne, fari fat, mai ƙara idan an murza shi, kuma idan aka tuƙa shi abin da ake samu ya fi kama da sitacin guga. Garin masara na gaskiya shi ne mai ruwan ɗorawa da ake kira folenta, a zaɓi mai laushi. Semolina ma tana nan, kuma tana tuƙuwa kamar yadda aka saba a gida.

Kabewa da gyaɗa

A watan Oktoba kantuna suna cika da manyan kabewa jajaye, zagayayyu, har mutum ya ji kamar ya shiga kasuwar gida. Kada a ruɗu. Waɗannan don wani bikinsu ake noma su, inda ake rarake cikinsu a sassaƙa musu fuska. Namansu ruwa ne da zare-zare, babu gardi. Wadda ke yin taushe ita ce mai dogon wuya da ɓawo mai launin ƙasa-ƙasa, wadda suke kira batanot. Ana samunta duk shekara, guda ɗaya tana kai kilo, namanta a cure yake, kuma tana narkewa lilis. Bambancinta da tamu shi ne ta fi zaƙi, kuma wannan zai sa a buƙaci ƙarin tsami a ƙarshe.

Ga tukunyar da za ta ba mutum ɗaya ci huɗu, rabin kilo na naman rago mai ƙashi ya isa. A biranen da Musulmi ke da yawa manyan kantuna kan ware sashen naman halal. Inda babu, mutane sukan sayo da yawa daga mahauci su raba a firiza. Ragon can ƙarami ake yankawa, ya fi namu kitse da taushi. Ina ɗora shi da ruwa lita ɗaya, albasa guda, citta da tafarnuwa, in bar shi minti arba'in da biyar, sannan in kwashe kitsen da ya taso da cokali. Idan aka bar kitsen nan, ga man suya ga man gyaɗar da za ta shiga, miyar za ta gundiri mutum tun loma ta uku.

Jajjagen kuwa jan tattasai biyu ne, attarugu ɗaya, albasa ɗaya, da rabin gwangwanin tumatir, wato giram 200. Tattasan can manya ne, masu zaƙi da ruwa. Dogayen masu tsini sun fi kusa da namu. Attarugu yana nan, ana kiransa sikoc bonet, kuma yajinsa bai da wasa, don haka a fara da ɗaya. Tumatirin gwangwani yana da wani tsami mai kaifi wanda ba irin na yakuwa ba ne, kuma suya ce kawai ke kashe shi. A zuba mai cokali uku, a soya jajjagen a kan matsakaiciyar wuta wajen minti goma sha biyar, har launinsa ya yi duhu, mai ya fito gefe. Idan aka ɗanɗana aka ji yana tsikarar gefen harshe, bai soyu ba tukuna. Wanda ya samu manja ya yi hattara da ƙona shi har ya yi hayaƙi, domin gidajen can galibi suna da na'urar da ke ihu idan ta ji hayaƙi, kuma a gidan ɗalibai tana iya fito da kowa waje cikin sanyi.

Sai a juye jajjagen cikin romon, a zuba rabin kabewar da aka fere aka yanka ƙanana. Minti ashirin ta nuna. A dame ta da bayan ludayi a cikin tukunyar, a bar wasu 'yan gutsattsari idan ana so.

Gyaɗa ita ce wurin da aka fi yin kuskure. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, wadda suke shafa wa burodi, tana ko'ina, amma da yawa an sa musu sukari da gishiri da wani mai. A juya kwalbar a karanta bayanta, a ɗauki wadda gyaɗa ce zalla. Alamarta ita ce mai yana kwanciya a samanta, sai an juya. Wadda aka sa wa sukari idan ta haɗu da zaƙin kabewa da na tattasai, miyar za ta koma kamar kunu. Kuma da yake soyayyiyar gyaɗa ce, ƙamshinta ya fi na ɗanyen markaɗe ƙarfi, amma ba ta da gafin da sai an daɗe ana dafawa. Cokali uku sun isa. Kada a jefa ta a dunƙule. A ɗebi romo mai zafi a kofi, a dama ta har ta saki, sannan a zuba ana juyawa. Daga wannan lokaci miyar tana son kama gindi, don haka a rage wuta a riƙa leƙawa. Bayan minti goma za a ga ɗigon mai ja-ja ya taso sama, alamar gyaɗa ta dahu ke nan.

Ganye da tsami

Abin da Turawa ke ci a matsayin alayyafo ba irin namu ba ne. Ganyensa ya fi taushi, ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, kuma babbar leda tana komawa cikin tafin hannu idan ta ji wuta. Ga mai girkin mutum ɗaya, wanda aka daskarar ya fi amfani. Yana zuwa a dunƙule-dunƙule cikin leda, ka ɗauki abin da kake so ka mayar da saura, babu ruɓa. Dunƙule biyar sun isa wannan tukunya. A narkar da su tukuna a matse ruwan da hannu, in ba haka ba miyar da aka sha wahalar ɗaurewa za ta tsinke. Minti uku a wuta ya ishe shi. A bi shi da yankakken lawashi, wanda ake sayarwa a ɗaure a kowane kanti.

Aikin yakuwa shi ne ta yanke maiƙon gyaɗa ta farkar da miya. Ruwan rabin lemon tsami yana yin wannan aiki, da sharaɗin a sa shi bayan an kashe wuta. Idan aka sa shi da wuri, tsami yana hana kabewa saurin narkewa, yana kuma mayar da koren ganye ya yi duhu. A matsa kaɗan, a juya, a ɗanɗana, a ƙara. Abin da ake nema shi ne lokacin da zaƙin kabewa ya ja da baya amma ba a ji lemon da sunansa ba. Tsamiya ma tana yi, ana samun kwaɓaɓɓiyarta a kwalba a layin abincin ƙasashen Asiya, kuma ƙaramin cokali ɗaya ya isa. Wanda ya samu shiga shagon Indiyawa ya tambayi ganyen da mutanen kudancin Indiya ke kira gongura. Dangin yakuwa ne na kusa, tsaminsu ɗaya.

Daddawa da 'yar'uwarta ta Japan

Ranar da na fara haɗa duk waɗannan, miyar ta yi kyau a ido, kauri ya yi, tsami ya yi, amma da na kai baki sai na ji kamar ɗaki ne da aka share aka gyara babu kowa a ciki. Daddawa ce babu.

Daddawa ƙwayar ɗorawa ce, wato kalwa, da aka dafa aka rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa ruɓar da ake so. A cikin wannan kwanciya ƙananan halittu suna farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar, su fitar da abin da ke ba harshe wannan ɗanɗano mai kama da na nama. Shi ne dai sinadarin da ake sayarwa a cikin dunƙulen magi, sai dai daddawa tana zuwa da ƙamshinta. A gida ma an daɗe ana yin daddawa da waken suya inda kalwa ta yi tsada. Japanawa kuma suna da nasu kwaɓin waken suya da ake ajiyewa watanni yana nuna, sunansa miso, kuma yanzu manyan kantunan Birtaniya suna sayar da shi a kwalba ko a roba. Farin yana da zaƙi, bai dace ba. Mai duhu, ja ko ruwan ƙasa, shi ya fi kusa.

Abubuwa uku ne za a kiyaye. Na farko, gishirinsa yana da yawa, babban cokali ɗaya yana ɗauke da kusan sulusin ƙaramin cokali na gishiri, don haka kada a sa gishiri a miya sai bayan ya shiga. Na biyu, daddawa tun farkon sanwa ake sa ta, shi kuwa miso a ƙarshe ake dama shi da romo a zuba tare da ganye, domin doguwar tafasa tana kore ƙamshinsa. Na uku, wasu kamfanoni suna ƙara masa ɗan sinadarin barasa don kada ya ci gaba da kumbura a kwalba, saboda haka a karanta jerin abin da ke ciki a zaɓi wanda babu.

Ba zan ce miso daddawa ba ne. Ɗanɗanon yana bayarwa, amma wannan wari mai daɗi da ke sanar da maƙwabta an ɗora miya, ba shi da shi. Idan ana son a matso kusa, a ƙara da kifi. Ana sayar da kifin makarel mai hayaƙi a sashen sanyi, a cire fatar a marmasa rabin guda a miya, zai kawo wani abu na banda da na murhun itace.

Hannun da ya saba da gida

Wahalar girkin mutum ɗaya ba a kanti kaɗai take ba, tana hannu. Mu da muka tashi a gidan da ake ɗora tukunyar mutum goma sha biyu, hannunmu ya san gishirin wannan tukunya, ya san yajinta. Idan aka ba shi ƙaramar tukunya, sai ya zuba kamar yadda ya saba. Ba abin kunya ba ne a auna da cokali na 'yan watanni, a rubuta abin da aka sa a takarda a manna a ƙofar firij, har hannu ya koyi sabon awo.

Miya kuma ba ta daɗi idan aka yi ta 'yar kaɗan, ruwanta yana ƙonewa kafin kayan su haɗu. Shi ya sa na ce a yi ta ci huɗu. A ci ɗaya, a sa ɗaya a firij don gobe ko jibi, a zuba biyu a ƙananan robobi a daskarar, kowace roba ci ɗaya, domin abin da aka narkar ba a mayar da shi firiza. Taushe tana jure daskarewa sosai. Idan an ɗumama ta za a ga ta ɗan rabu da ruwanta, juyawa kaɗan take so, da ɗigon lemon tsami, domin tsamin yana dusashewa. Ragowar kabewa da attarugu da jajjage duk suna daskaruwa, kuma wannan ne ke hana rabin cefane ƙarewa a kwandon shara.

Tuwon shinkafa shi ne mai buƙatar kulawa ta musamman, kuma ina roƙon a ɗauki wannan da gaske. Ɗanyar shinkafa tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe ƙwanta. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a wuri mai ɗumi, ƙwan yana farfaɗowa ya yaɗu, ya bar wata guba da ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa. Ba ta wari, ba ta sauya launi, sai dai bayan awa ɗaya zuwa biyar mutum ya fara amai. Ɗakin da na'urar ɗumama ɗaki ke aiki duk dare wuri ne da ya dace da ita, ko da ana ƙanƙara a waje. Shawarar hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ita ce a sanyaya shinkafa da sauri, cikin awa guda in zai yiwu, kada ta wuce kwana ɗaya a firij, kuma sau ɗaya kawai za a ɗumama ta, har sai ta yi tururi ciki da waje. Wanda ke zaune shi kaɗai ba shi da mai kawo masa ruwa idan ya kwanta, don haka rigakafin ya fi masa sauƙi.

Yadda nake yi shi ne, da zarar na kwashe, malmala biyun da ba zan ci ba ina baje su su yi faɗi kamar waina, domin dunƙulalliyar malmala tana riƙe zafi a cikinta na tsawon lokaci. In naɗe kowace a ledar abinci, da sun huce in sa ɗaya a firij ɗaya a firiza. Da safe ta firij za ta yi tauri, wannan ɗabi'ar sitaci ce idan ya yi sanyi, zafi kuma yana mayar da shi. A yanka ta gida huɗu, a jefa cikin miyar da aka ƙara wa ruwa kaɗan, a rufe a bar su su tafasa tare. Ɗumame ke nan, kuma a safiyar sanyi babu abin da ya kai shi.

Abin da ba shi da madadi

Akwai inda wannan dabara take tsayawa. Yauƙin kuɓewa ana samunsa, domin akwai daskararriyar kuɓewa a kantuna da yawa, kuma ɗan tsunkule na bakin soda yana yin aikin kanwa. Amma kuka ba ta da 'yar'uwa a can. Na gwada niƙaƙƙen alayyafo da kuɓewa, launi ya zo, yauƙi ya zo, amma ba miyar kuka ba ce, kuma ba a canza wa tuwo suna. Haka man shanu na gida, da yajin da aka daka da ƙuli-ƙuli da kimba da masoro.

Saboda haka mai shirin tafiya ya san abin da zai ba wuri a jakarsa. Shinkafa da gari da gyaɗa nauyi ne kawai, suna can. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji su ne marasa nauyi masu daɗewa, kuma babban cokali biyu na kuka ya isa miyar mutum ɗaya. Daddawa a naɗe ta sosai a ajiye a firiza, a riƙa gutsura. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa, dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin namu, kuma ana karɓewa a filin jirgi. Gara a ci su a gida kafin a taso.

Ranar da tukunyata ta fara yin daidai, na ɗebi loma na tsaya a bakin murhu, sannan na kira Umma na lissafa mata abin da na sa: kabewar Turawa, gyaɗar kwalba, lemon tsami, da daddawar Japan. Ta yi shiru kaɗan, ta ce: "Mai ya taso?" Na ce ya taso. Ta ce: "Tuwon ya kama hannu?" Na ce ya kama. Ta ce: "To Alhamdu lillahi. Amma akwai wanda kika zuba wa?"

A gidanmu ba a taɓa kwashe tuwo ba tare da an cika kwanon maƙwabta ba. A ɗakin da ke kallon nawa akwai wata ɗaliba 'yar Sudan da muke gaisawa a kan bene. Na ɗauko malmala ta biyu, wadda na riga na baje don firij, na zuba mata miya, na ƙwanƙwasa ƙofarta. Ta kalli kwanon ta ce a garinsu ma suna tuƙa irinsa da dawa, suna kiransa asida. Bayan kwana biyu kwanon ya dawo, kuma kamar yadda ake yi a gida, bai dawo haka nan ba.